Takardar Ban Kwana: Idan Aka Yi wa Malamin Yaro Canjin Makaranta

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau zancenmu a kan wata 'yar takarda ne da ba ta wuce layi shida ko bakwai ba, wato takardar ban kwana da yaro ɗan firamare yake rubuta wa malaminsa ko malamarsa idan an yi musu canjin wurin aiki. Za mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki, tun daga ranar da labari ya iso gida har ranar da takardar ta shiga hannun mai ita. Iyaye mata da ke kusa da rediyo, musamman ku nake so ku ba ni aron kunnuwanku, domin yawanci a wajenku yaro yake fara kawo irin wannan labari.

Mu fara da yadda canjin yake zuwa, tun da shi ne abu na farko da ake buƙatar yi wa yaro bayani. A Najeriya, tun bayan dokar ilimin bai ɗaya ta shekarar 2004, kowace jiha tana da hukumar da ke kula da makarantun firamare na gwamnati, wadda aka fi sani da SUBEB. A ƙarƙashinta kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin ilimi, da Sakataren Ilimi mai shugabantarsa. Ta waɗannan ofisoshi takardar canji take fitowa. Wani lokaci wata makaranta ce ta rasa mai koyar da lissafi alhali wata tana da biyu. Wani lokaci ƙarin girma ne, an ɗaga malami zuwa mataimakin hedimasta a wani wuri. Wani lokaci kuma malamar ce da kanta ta nema, saboda aure ya kai ta wata unguwa, ko kuɗin mota ya fi ƙarfin albashinta. 'Yan uwanmu na Nijar ma sun san wannan, can ma hukumomin ilimi ne ke tura malami inda ake buƙatarsa. Abin da ya haɗa duka shi ne ba a shawara da yara, kuma sau da yawa kwanaki kaɗan ne tsakanin zuwan takarda da tafiyar malami.

Yaro ɗan shekara takwas ko tara bai san da wani ofishi ba. Abin da ya sani shi ne jiya Malama tana nan, yau an ce za ta tafi. Akwai yaran da a zuciyarsu suke ɗauka surutunsu ne ya kore ta, musamman idan ta taɓa cewa cikin fushi, "Kun ishe ni, sai na bar muku ajin." Saboda haka kafin a ɗauko takarda da fensir, a faɗa wa yaro gaskiya da kalmomin da zai gane: hukuma ce ta tura ta, akwai wasu yara a can da ke buƙatarta, babu laifinka a ciki. Idan ya yi hawaye a bar shi ya yi. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma wanda ya ga fuskar mutum kowace safiya zango biyu ko uku, ai ya saba.

To me ya kawo takarda? Tarbiyyarmu ce ta kawo ta. Mun koya wa 'ya'yanmu kunya, mun koya musu kada su zura wa babba ido, kada su cika shi da magana. Yarinyar da aka yi wa wannan tarbiyya ba za ta iya tsayawa gaban malamarta ta ce mata "zan yi kewarki" ba. Za ta durƙusa ta ce "Allah ya kiyaye hanya", ta ruga da gudu, sauran maganar ta koma gida da ita. Takarda tana ba ta damar faɗin abin da ke ranta ba tare da ta karya ladabin da aka koya mata ba. Amma da sharaɗi guda, kuma a kansa shirin yau ya tsaya: maganar da ke cikin takardar ta zama ta yaron ce. Aikin babba shi ne tambaya da sauraro. Da zarar ya fara yi wa yaro shifta, takardar ta zama tasa.

Bari mu ɗauki misali. A ce yarinya ce 'yar aji huɗu, shekarunta tara. Ranar Litinin ta dawo ta ce an sanar a taron safe cewa malamar ajinsu za ta koma wata makaranta, ranar Juma'a ce ranarta ta ƙarshe. Uwar ba ta bari sai daren Alhamis ba, lokacin da gaggawa za ta sa ta karɓi fensirin da kanta. Ranar Laraba bayan sallar Magariba, an gama cin tuwo, ta kira ta suka zauna a tabarma, babu takarda babu fensir tukuna.

Ta ce, "Me kike so ki faɗa wa Malama kafin ta tafi?"

Yarinyar ta ce, "Na gode."

"Kin gode da me?"

"Tana da kirki."

A nan ne yawancinmu muke tsayawa, mu ce to rubuta haka. Amma "tana da kirki" magana ce da za a iya faɗa wa kowace malama a duniya. Sai uwar ta sauya tambayar. Ta ce, "Wace rana ce ta yi miki wani abu da har yau kina tunawa?" Yarinyar ta yi shiru, tana wasa da bakin hijabinta. Uwar ba ta cike mata shirun ba, kuma wannan shi ne wuri mafi wuya ga babba. Can sai ta ce, "Ranar da na kasa ɗebewa."

Ga abin da ya faru a ranar, kamar yadda ta ba da labari. An ba su 52 a ɗebe 17. Ta duba ta ga bakwai ba za ta fita daga biyu ba, sai ta juya su ta ɗebe biyu daga bakwai, ta rubuta 45. Duk lissafin shafin haka ta yi, duk kuma ta faɗi. Da aka fita tara, Malama ta kira ta gindin darbejiyar da ke bakin aji, ta fito da tsinken tsintsiya da ta ɗaure goma-goma da kyauro. Ta ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu a ƙasa, ta ce, "Ba ni bakwai." Yarinyar ta ce biyu ne kawai. Malama ta ce, "To kwance ɗauri ɗaya." Ta kwance, tsinke ya zama goma sha biyu, ɗauri ya koma huɗu. Ta cire bakwai, saura biyar. Ta cire ɗauri ɗaya, saura uku. Talatin da biyar. Daga ranar ta gane abin da ake nufi da aro a lissafi. Ta ƙara da cewa, "Kuma ba ta yi min faɗa ba."

Uwar ta ce, "To wannan za ki rubuta mata." Kun ga ke nan an samu cikin takardar, kuma babu kalma ɗaya da ta fito daga bakin uwar. Tambayoyi uku ko huɗu sun wadatar a irin wannan zama. Wace rana kike tunawa? Me kika iya yanzu wanda da ba ki iya ba? Akwai abin da kike so ta yafe miki? Wace addu'a za ki yi mata? Tambayar yafiya kada a bar ta, domin mu a al'adarmu ba a rabuwa sai an nemi gafarar juna, kuma ita ce take sauke wa yaro wancan nauyi na zaton shi ya jawo tafiyar. Da aka tambayi wannan yarinya sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Surutu."

Sai a ba ta takardar gwaji, ko bayan tsohon littafi ne, da fensir, a tashi a ba ta wuri. Kada a tsaya mata a ka. Minti goma sha biyar ya ishi 'yar aji huɗu. Abin da za ta kawo zai zo a cakuɗe, babu aya ko ɗaya daga sama har ƙasa, kalmomi sun manne da juna. Kada a fara da gyara. A ce ta karanta da bakinta, a saurara har ƙarshe, a ce mata Malama za ta ji daɗin wannan. Gyara sai gobe.

Ranar Alhamis sai a zauna gyaran rubutu, kuma rubutu kawai za a gyara, maganar a bar ta yadda ta zo. Kurakuran da ake samu wajen yara masu rubuta Hausa kusan iri uku ne. Na farko haɗe kalmomi. Za ta rubuta "zuwaga" a manne, "zanyi" a manne, "dani" a manne, alhali kowacce kalma biyu ce: zuwa ga, zan yi, da ni. Inda ya fi rikita yara shi ne "ki" da "ka". A "Allah ya kai ki lafiya", ana raba "kai" da "ki". A "kewarki" ko "ɗalibarki" kuwa haɗe su ake yi, domin nan mallaka ake nunawa. Manya da yawa ma suna tuntuɓe a nan, saboda haka kada a tsawata mata.

Na biyu baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Yaranmu suna ganin rubutun waya inda mutane suka saba zubar da ƙugiyar, sai su ɗauka haka ake yi. A takardar wannan yarinya akwai "na kasa", akwai kuma "ƙarƙashin bishiya". A ce ta furta su a hankali ta ji bambancin a maƙogwaronta, za ta gano da kanta wanne ke buƙatar ƙugiya. Da fensir abin ba wuya, ɗan lanƙwasa ne a saman baƙin. Masu sauraronmu na Nijar, ku a makarantunku ana rubuta "ƴar" da baƙi mai ƙugiya, mu a Najeriya muna sa ɗan waƙafi a sama kafin baƙin. Duka daidai ne, yaro ya bi wanda aka koya masa. Na uku shi ne aya da babban baƙi. A ce ta sake karantawa, duk inda ta ja numfashi ta tsaya, ta ɗiga aya, kalmar da ke biye ta fara da babban baƙi, sunan Allah kuma kullum da babba.

Ni a ganina, idan kurakuran sun yi yawa, a zaɓi biyar ko shida a gyara, a bar saura. Yaron da aka ja wa layi a ƙarƙashin kowace kalma zai ajiye fensirin ya ce ya fasa. Malamar da za ta karɓi takardar ta fi kowa sanin rubutun ɗalibarta, kuma ba jarrabawa take jira ba.

Daga nan sai kwafi mai tsabta. A buɗe littafin rubutu daidai tsakiya a zare falle biyun nan da ke haɗe, domin idan aka yage daga gaba ko baya, ɗan uwansa na ɗaya gefen zai zube. Ta rubuta kwanan wata a sama ta hannun dama, domin bayan shekaru shi zai tuna wa Malama wane aji ne. Ta rubuta da fensir idan da shi ta saba, kada a ce sai biro don a burge. Ga yadda takardar wannan yarinya ta fito:

"Zuwa ga Malama. Assalamu alaikum. Na ji an ce za ki koma wata makaranta. Na gode da kika koya min ɗebewa da tsinken tsintsiya ranar da na kasa. Kin zauna da ni a ƙarƙashin bishiya kuma ba ki yi min faɗa ba. Yanzu ina iya yi ni kaɗai. Zan yi kewarki. Ki yafe min surutun da nake yi a aji. Allah ya kai ki lafiya. Ɗalibarki 'yar aji huɗu."

Sai ta sa sunanta da na mahaifinta a ƙasa, tun da a aji ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya har uku. A sauran filin da ya rage ta zana bishiya da mutum biyu a gindinta. Ku lura ba ta kira sunan malamar ba, "Malama" kawai ta ce. Wannan ya isa, musamman idan sunan malamar ya zo ɗaya da na mahaifiyarta ko kakarta, wanda ba za ta iya faɗa ba. A wuraren da ake ce wa babba "ku", yaro ya rubuta "kun koya min", yadda yake faɗa da baki.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan takardar ban kwana da yaro ke rubuta wa malamin da aka yi wa canji. Na san akwai uwar da ke ji tana cewa, ni ban yi boko ba, ina ni ina wannan? To ki duba misalin da muka bayar. Babban aikin, wato zaman ranar Laraba, da baki aka yi shi. Tambaya ba ta buƙatar karatu. Gyaran ranar Alhamis kuwa yayan yaron ɗan sakandare zai iya, amma ki zauna a wurin, ki ja masa kunne kada ya sauya wa ƙaninsa magana. Yayye sun fi iyaye saurin karɓe fensir. Idan kuma yaron ya fi sakewa da ajami saboda makarantar allo ko Islamiyya, kuma malamin yana karantawa, ya rubuta da ajami, takarda ta yi.

Tsawon takarda yana bin ajin yaro. Ɗan aji ɗaya ko aji biyu, zane da jimla guda sun ishe shi: "Na gode Malam", da sunansa da ya rubuta da hannunsa ko da baƙaƙen sun karkace. Idan yana da labarin da hannunsa bai kai ya rubuta ba, ya faɗa, babba ya rubuta a ƙasan zanen kalma da kalma yadda ya faɗa, ba tare da ƙawatawa ba. Ɗan aji biyar ko shida yana iya sa adireshin makaranta a sama, ya raba maganar sakin layi biyu, kamar yadda ake koya musu a darasin rubuta wasiƙa. Kuma kada mu yaudari kanmu, akwai 'yan aji biyar da har yanzu haɗa baƙi yake ba su wuya. Irin wannan yaro a bi da shi hanyar ɗan aji biyu cikin sirri, ba tare da gori ba. Sau da yawa ma shi ne ya fi shaƙuwa da malamin da ya yi haƙuri da shi.

Batun harshe kuma, da wanne za a rubuta? Da wanda yaron zai iya ba da labarin tsinken tsintsiya a cikinsa. Idan Ingilishinsa ko Faransancinsa ya kai, kuma malamin ba ya jin Hausa, to ya yi da shi, da gajerun jimloli irin nasa. Amma abin da ake yawan gani shi ne a ɗauki waya a nemo wata doguwar wasiƙar Turanci, a ce yaro ya kwafa. Takardar za ta fito da kyau a ido, cike da manyan kalmomi, amma babu bishiya babu tsintsiya a cikinta. Da Hausa ma ana yin haka. Idan ka ga takardar ɗan shekara tara ta fara da "Ina mai matuƙar alhinin samun labarin sauyin wurin aikinki", ka san baban ne ya yi magana. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe takardar a ce wa yaro, me ka faɗa wa Malam a ciki? Idan ya iya maimaitawa da bakinsa, tasa ce. Idan ya tsaya yana kallonka, a sake zama. Malamai kuwa ba sa buƙatar wannan gwaji, layin farko suke gani su gane.

Irin wannan kuskure yana faruwa a makaranta ma, da kyakkyawar niyya. Wani malami zai shiga ajin ya rubuta wasiƙar ban kwana a allo, ya ce kowa ya kwafa. Sai mai tafiya ya tashi da takarda sittin ko saba'in masu magana ɗaya. Idan ana so ajin duka ya yi, a rubuta farkon jimla kawai a allo, kamar "Na tuna ranar da..." ko "Kin koya min...", kowane yaro ya ƙarasa da nasa. Rabin falle ya ishi kowa. A tattara, a ɗinke gefen da zare da allura, a yi masa bango da kwali. Darasi ɗaya ya isa a gama, kuma yaran sun yi aikin rubutu na gaske, irin wanda akwai mai jiran karanta shi.

Akwai abubuwan da babba zai duba kada su shiga takardar, kuma a nan ne kawai yake da ikon taɓa maganar yaro. Kada a sa sukar wani: "ba ma son sabon malamin", ko "hedimasta ne ya kore ki". Sau da yawa wannan zancen manya ne yaro ya tsinta a tsakar gida, kuma takarda tana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba. Idan yaro ya rubuta "kada ki tafi", a tuna masa cewa ba ita ke da iko ba, a tambaye shi ko "zan yi kewarki" ya faɗi abin da yake nufi. Kuɗi ma kada a naɗe a ciki. Iyayen da ke son yi wa malami alheri su yi da hannunsu, ko ta ƙungiyar iyaye da malamai, don kada ɗan da gidansu babu ya ji tasa takardar ba ta kai ba.

Sai magana mai nauyi, wadda ba na so mu tsallake saboda kunya. Takardar yaro zuwa ga babba a fili ake yin ta. Uwa ko uba su ga abin da ke ciki, a miƙa ta a aji ko a ofis gaban mutane. Kada yaro ya rubuta lambar waya, kada a yi alkawarin haɗuwa a wani wuri. Idan ana so zumunci ya ɗore, iyaye su karɓi lambar malamin da kansu, su ne za su kira a gaisa. Wannan kariya ce ga yaro, kariya ce kuma ga mutuncin malami, musamman tsakanin malami namiji da ɗalibai mata da suka fara tasawa. Duk babban da ya ce wa yaro "rubuto min amma kada ka faɗa a gida", iyaye su bincika.

Haka kuma idan yaro ya ce shi ba zai rubuta ba, kada a tilasta masa. A tambaye shi dalili a hankali, a lokacin da babu kowa. Wataƙila kunya ce, wataƙila tsoron kuskuren rubutu ne, wataƙila kuma tsakaninsa da wannan malami babu abin tunawa sai bulala. Godiyar dole tana koya wa yaro rubuta abin da ba ya ransa. Ya je ya yi sallama da baki cikin ladabi, ya wadatar. Abin da ya faɗa muku kuwa ku riƙe shi, idan na kai wa hukumar makaranta ne ku kai.

Yanzu gare ku malamai. Ranar ƙarshe tana da hidima: miƙa rajista, miƙa littafin shirin darasi, sallama da abokan aiki. A cikin wannan ne wata yarinya za ta matso da takarda a naɗe, ta miƙa da hannu biyu, kanta a ƙasa. Malama, ki tsaya ki karɓa da kyau, ki kira sunanta. Idan da hali ki karanta a lokacin, a zuci, ki ce mata, "Na tuna ranar, kuma na yafe miki, ni ma ku yafe min." Kada jan biro ya taɓa wannan takarda. Kada a karanta ta da ƙarfi gaban aji sai da yardar mai ita, kada kuma a zagaya da ita ɗakin malamai ana dariyar kurakuranta, domin labari zai koma kunnen yarinyar, kuma za ta daɗe ba ta sake rubuta abin da ke ranta ba. Idan za a ɗauki hotonta a sa a waya don jin daɗi, a rufe sunan yarinyar.

Akwai kuma amfanin da takardar za ta yi wa aikinki. Abin da yara suka tuna yana nuna miki wace dabara ce ta kama. Idan uku daga cikinsu sun ambaci tsinken tsintsiya, ki tafi da shi sabuwar makaranta, ki kuma bar wa wanda zai gaje ki bayani a rubuce: wane ne ya gane aro, wane ne har yanzu yake juya lambobi, wace ce ba ta gani sosai daga bayan aji. In kin samu sarari bayan mako biyu ko uku, ki aiko wa ajin duka da amsa ta layi huɗu ta hannun hedimasta, a karanta musu. Yara za su san kin sauka lafiya, su kuma ga cewa wasiƙa tana zuwa tana dawowa.

Iyaye, bayan tafiyar ku sa ido kaɗan. Kwana biyu yaro zai riƙa cewa "Malama ba haka take yi ba", wannan ba abin damuwa ba ne, ku dai kada ku taya shi kushe sabon malami. Amma idan aka shiga mako na uku yana ƙin shirin makaranta, ko kullum da safe ciki na ciwo amma ranar Asabar lafiya lau, ko littafinsa ya koma fari babu aiki, to ku je makarantar da kanku. Ku gaisa da sabon malamin, ku gabatar masa da yaron, ku faɗa masa inda yake da rauni da irin dabarar da ta taɓa yi masa aiki. Idan ciwon ya ci gaba har a ranakun hutu, wannan na asibiti ne.

Lokaci ya cim mana, a nan za mu dakata. Malaman da takardar canji ta iso musu a wannan zango, Allah ya sa can ta fi nan, ya haɗa ku da ɗalibai masu jin magana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)